Dala 300 ce a rubuce: nawa satifiket ɗin CCNA ke ci kafin ya shigo hannu?

Farashin jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco, wato ta satifiket ɗin iya haɗawa da kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta, wadda lambarta 200-301, dala 300 ne. Wannan adadi shi ne matashin da ke Ringim ko Gumel ko Bichi yake gani a waya, ya juya shi zuwa naira, ya je ya faɗa wa mahaifinsa ko yayansa cewa abin da ake bukata ke nan. Sai a sayar da rago ko buhun riɗi a haɗa masa. Bayan wata huɗu ya dawo neman ƙari, a fara yi masa kallon wanda ya ci kuɗin, alhali bai ci ko kwabo ba. Lissafin ne tun farko bai cika ba. Dala 300 kuɗin zama ɗaya ne a gaban kwamfuta na minti 120. Ba ta biya karatun da zai kai mutum ga kujerar ba, ba ta biya zama na biyu in na farko ya ƙi ba, kuma takardar da za a samu shekara uku kawai take aiki.

Za mu bi lissafin da misalin mutum ɗaya: matashi mai gyaran waya a wani ƙauye kusa da Ringim, wanda ya ba kansa wata shida na shiri. Farashin dala na Cisco ne. Alƙaluman naira kuwa na misali ne, kowa ya cire su ya sa na garinsu da na ranar da yake lissafin.

A fara da canji, domin nan ne kuskure na farko yake. Ana biyan kuɗin jarrabawar ta hannun Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da ita, kuma da kati ake biya ko da bauca, wato lambar biya da aka saya tun da farko. A ce canjin da ake faɗa a labarai naira 1,500 ne kan dala ɗaya, wato 450,000. Amma ba a wannan farashin banki ko manhajar katin dala za su sayar maka ba. Suna da nasu canjin, suna da kuɗin zuba dala a kati, wasu har da kuɗin buɗe katin. Idan duk wannan ya ɗora kashi 4 cikin ɗari, dalar ta koma 1,560, jarrabawar ta koma 468,000. An sami ƙarin 18,000 tun ba a buɗe littafi ba. Hanyar gane ainihin canjinka ita ce ka duba nairar da aka cire maka gaba ɗaya, ka raba ta da dalar da ta shiga katin. Wannan sakamakon shi za ka riƙa amfani da shi a duk sauran lissafin. Sannan a bi shafin biya har zuwa matakin ƙarshe kafin a zuba kuɗi a kati, a ga ko an ɗora haraji, domin katin da aka zuba wa dala 300 cif ba zai biya 300 da ɗoriya ba, kuma wasu katunan suna cire tara idan aka ƙi karɓar biya saboda ƙarancin kuɗi.

Sai kayan karatu. A nan mutane sukan kasu biyu, kuma duka ɓangarorin suna yin asara. Akwai masu sayen komai: littafi, kwas na bidiyo biyu ko uku, har da tsofaffin rauta da suwic na gwanjo. Akwai kuma masu cewa komai kyauta ne a intanet, su sa sifiri a wannan layin. Gaskiyar tana tsakiya. Manhajar Packet Tracer, wadda ake gina hanyar sadarwa ta gwaji a cikinta, kyauta ce ga wanda ya yi rajista a Cisco Networking Academy, kuma ta ishi mai shirin CCNA, ba sai ya sayi ƙarfe ba. Akwai cikakkun darussan bidiyo na kyauta masu kyau. Abin da ba kyauta ba shi ne abin da za a kalle su da shi.

Packet Tracer kwamfuta take so, waya ba za ta yi ba. Duk wanda ya ce zai ci CCNA da waya kaɗai, zai haddace sunayen umarni amma bai taɓa buga su ya ga abin da ke fitowa ba, kuma jarrabawar tana iya ajiye masa na'ura ta ce ya saita. Laftof ta hannu mai RAM 8GB ta wadatar. A ce ya same ta a 200,000. Wannan kuɗi yana da fuska biyu, kuma yana da kyau a raba su tun yanzu. Abin da zai fita daga aljihu 200,000 ne. Amma laftof ba ta ƙarewa da jarrabawa, in ya ga dama zai sayar da ita a 140,000, don haka abin da satifiket ya ci a cikinta 60,000 ne. Adadi na farko shi ake gaya wa wanda zai ba da kuɗin. Na biyu shi ake amfani da shi wajen auna ko harkar ta biya.

Data da caji su ne masu cin kuɗi a ɓoye, saboda kaɗan-kaɗan suke fita. Bidiyon awa ɗaya a matsakaicin haske yana iya cin kusan rabin GB, kuma ba wanda ke fahimtar rarraba adireshin IP ko OSPF, tsarin da rauta ke zaɓar hanyar saƙo da shi, da kallo ɗaya. A sa 10,000 a wata, wata shida 60,000. A garin da wuta ba ta zama, laftof tana zuwa shagon caji. Naira 300 a rana, kwana 150, ya zama 45,000. Tsohon batir da ba ya wuce awa ɗaya yana ninka wannan, shi ya sa lokacin sayen laftof batir ya fi kyawun jiki muhimmanci. Mai ƙaramar sola a gida ya tsira daga wannan layin, sai dai ya tuna cewa damina tana rage ta.

Abu ɗaya da muke ganin ya cancanci a biya da dala shi ne jarrabawar gwaji ta kirki, irin wadda ke bayyana dalilin da ya sa kowace amsa ta zama daidai ko kuskure. A ce dala 100 ce, wato 156,000. Tana da tsada, amma dalilin sayenta zai fito idan mun zo maimaici. Game da littafi kuma, a lura da lamba. Jarrabawar 200-301 ta fara aiki ne a watan Fabrairun 2020, ta maye gurbin 200-125, kuma an yi mata kwaskwarima a watan Agustan 2024. Littafin da aka gada daga wani yaya mai ɗauke da tsohuwar lamba zai sa ka ɓata makonni kan abin da aka cire, ya bar ka ba ka san abin da aka ƙara ba. Jerin batutuwan jarrabawar yana shafin Cisco kyauta. A buga shi a takarda, duk littafi ko kwas da za a saya a gwada shi da jerin tukuna.

Ranar jarrabawa tana da nata kuɗin. Hanya biyu ce: zuwa cibiyar Pearson VUE, ko rubutawa daga gida ta tsarin OnVUE, inda mai sa ido ke kallonka ta kyamara. Na biyun yana kama da sauƙi ga mutumin karkara, amma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Ana bukatar ɗaki a rufe, ba mai shigowa, ba murya, tebur ba komai a kai, da intanet da ba zai yanke ba tsawon fiye da awa biyu. A gidan da ƙane zai iya ɗaga labule ya ce Inna tana kira, ko sabis ya sauka idan hadari ya taso, ana iya rufe jarrabawar, kuma idan matsalar daga wajenka ce ba lallai a mayar maka da kuɗi ba. Kuɗin mota ya fi wannan caca sauƙi. A shafin rajista ana nuna cibiyoyin da suka fi kusa da ranakun da suke da gurbi, kuma ga mutumin Jigawa wannan tafiya birni ce. A sa kuɗin mota zuwa da dawowa, kwana ɗaya da abinci, 25,000. A ƙara 10,000 na kwana biyun da shagon gyaran waya zai kasance a rufe. Ya zama 35,000. Kwanan ba almubazzaranci ba ne, domin wanda ya dogara da motar safe ta cika kafin ta tashi yana iya isa bayan lokaci, kuma wanda ya makara ko bai zo ba, kuɗinsa ya tafi gaba ɗaya. Haka ma sauya rana yana da wa'adin da aka rubuta a saƙon tabbatar da rajista.

Akwai kuma katin shaida. Cibiya tana neman shaidar gwamnati ta asali, mai hoto, wadda ba ta ƙare ba, kuma sunan da ke jikinta ya zo daidai da sunan rajista. Wannan ya fi damun mu fiye da wasu, saboda yadda muke rubuta suna. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ko ya sa sunan garinsu a ƙarshen suna a nan, ya bar shi a can. A buɗe asusun rajista da kati a hannu, a kwafi sunan harafi da harafi, a kuma kira cibiyar a tambaye su irin shaidar da suke karɓa. Idan sai an yi fasfo ko lasisin tuƙi, kuɗinsa da makonnin jiransa sun shiga lissafi.

Idan aka tara: jarrabawa 468,000, gwaji 156,000, data 60,000, caji 45,000, abin da laftof ta rage 60,000, ranar jarrabawa 35,000. Jimla 824,000. Abin da zai fita daga aljihu kuwa 964,000 ne, tunda laftof sai an biya ta duka. Dala 300 ta zama kusan ninki biyu, kuma wannan idan an ci a zama na farko ne.

Maimaici shi ne layin da ba wanda ke son rubutawa, kamar rubuta shi fata ne na faɗuwa. Cisco ba ta rage farashi ga wanda ya faɗi. Zai jira kwana biyar, daga washegarin ranar da ya faɗi, sannan ya sake biyan dala 300. Ga mutuminmu, kowane maimaici yana nufin 468,000, da 35,000 na tafiya, da kusan 20,000 na data da cajin ƙarin wata ɗaya. Wato 523,000.

Ta yaya ake saka abin da ba a san ko zai faru ba a cikin lissafi? Ana ƙiyasta damar ci a zama ɗaya, a raba ɗaya da ita, a sami matsakaicin yawan zama. Wanda damarsa takwas cikin goma ce, ɗaya a raba da 0.8 ya ba da 1.25. Wato rubu'in zama ne ƙari, rubu'in 523,000 kuwa kusan 131,000 ne. Wanda damarsa rabi da rabi ce, ɗaya a raba da 0.5 ya ba da zama biyu, ƙarinsa 523,000 cif. Tazarar da ke tsakanin waɗannan mutane biyu 392,000 ce. Ga dalilin sayen jarrabawar gwaji: da 156,000 ake sanin a wane rukuni ake, kafin a ajiye 468,000. Amma sai an yi amfani da ita da gaskiya. Makin da ake dogara da shi shi ne na karon farko a kan tambayoyin da ba a taɓa gani ba, da agogo, ba buɗe littafi. Wanda ya maimaita saiti ɗaya sau huɗu ya sami 95, amsoshi ya haddace. Alamar rashin shiri a bayyane take: tambayar rarraba adireshi tana cin minti uku maimakon ƙasa da ɗaya, ko mutum ya ga sakamakon umarnin `show ip route` ya kasa faɗin ta inda saƙo zai bi. A jarrabawar CCNA ba a komawa tambayar da aka wuce, saboda haka jinkiri a farko yana cinye tambayoyin ƙarshe.

Sai dai a yi hattara da wannan 131,000. Matsakaici ne, ba wanda zai biya shi. Mutum ɗaya ko dai ya biya sifiri ko ya biya 523,000, ko ma ninkinsa in ya sake faɗuwa. Amfaninsa shi ne kwatanta zaɓi da zaɓi. Wajen tanadi kuwa tambayar daban ce: idan na faɗi, daga ina rabin miliyan zai fito, kuma cikin wata nawa? Idan amsar ita ce sai kaka mai zuwa, to ilimin zai yi sanyi kafin kuɗin ya zo, a koma biyan data da caji daga farko. Irin wannan mutum gara ya ɗaga ranar jarrabawarsa da wata biyu da ya shiga da rabin shiri.

Ana sayar da bauca mai haɗe da damar zama na biyu, a ƙara kuɗi kaɗan tun farko. Auna ta ba wuya: a raba ƙarin da farashin jarrabawa. Idan ƙarin dala 75 ne a kan 300, rubu'i ke nan. Duk wanda yake ganin yiwuwar faɗuwarsa ta wuce ɗaya cikin huɗu, sayenta riba ce, kuma mai rubutawa karon farko wanda bai taɓa aiki da na'urorin ba yawanci yana cikin wannan rukuni. A karanta wa'adinta, domin zama na biyun yana da iyakar lokaci, kuma ba ta biyan kuɗin mota. Ɗaliban Cisco Networking Academy da suka cika sharuɗɗan kwas ɗinsu suna iya samun baucar rangwame, wadda ita ma tana da ranar ƙarewa. Baucar da wani ke tallatawa a zauren WhatsApp a rabin farashi kuwa, tana iya zama wadda aka riga aka yi amfani da ita, ko ta wata ƙasa, ko wadda ta mutu, kuma ba za a gane ba sai wajen biya. Haka tambayoyin sata da ake yaɗawa: bayan yawancin amsoshinsu ba tabbas, Cisco tana soke sakamako ta kuma hana wanda aka kama sake zama. Araha ba ta ado.

Yanzu sabuntawa. CCNA tana aiki shekara uku daga ranar da aka ci. Kafin ta ƙare, ko dai a sake cin jarrabawar, ko a ci wata ta sama da ita, misali 350-401 ta matakin CCNP wadda farashinta dala 400 ne, ko a tara maki 30 na ci gaba da karatu a tsarin Cisco. Cisco ba ta karɓar kuɗin shekara-shekara a kan wannan. Makin ana samun sa ta kwasa-kwasan da kamfanin ya amince da su, wasu na kuɗi, wasu kuma yakan buɗe su kyauta na ɗan lokaci. Wanda ya sa ido ya riƙa tara na kyauta tun shekara ta farko zai iya sabuntawa da kuɗin data kawai, a ce 20,000. Wanda ya manta sai saura wata ɗaya, ya koma kan 468,000 da 35,000, wato 503,000. Gama kwas kaɗai bai isa ba, sai an shigar da makin a shafin Cisco an amince da shi kafin ranar ƙarewa. Idan ranar ta wuce, makin ba zai ceci komai ba, sai jarrabawa daga tushe. Sabbin shekaru ukun kuma daga ranar da aka cika sharaɗin suke farawa, don haka wanda ya yi gaggawar sabuntawa tun da sauran shekara guda ya yar da wannan shekarar.

Kuɗin sabuntawa da dala ake lissafa shi, ba da naira ba. A farkon 2023 canjin hukuma yana wajen naira 460, dala 300 ba ta kai 140,000 ba a wannan farashi. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, canjin ya haura 1,500 a 2024, dala 300 ɗin ta wuce 450,000. Cisco ba ta ƙara ko sisi ba, amma wanda ya ware naira don sabuntawa ya tarar ba ta kai rabi ba. Dala 300 a raba wata 36 ta kama dala 8 da 'yan kai a wata, kusan 13,000 a canjin misalinmu. Ko a ajiye ta dala, ko a sa ta a abin da farashinsa ke bin kasuwa, kamar dabba ko hatsi.

Daga nan ake iya amsa tambayar da Baba zai yi, wato ko abin zai mayar da kuɗinsa. Shekaru ukun farko sun ci 824,000 da 131,000 na haɗarin maimaici, 955,000 ke nan. A raba wata 36, ya zama kusan 26,500 a wata. Kuɗin sabuntawa na shekaru uku na biyu ne, amma tunda a cikin na farko ake tara shi, a ɗora 13,000, ya kusa 39,500. Wannan shi ne ƙarin samun da satifiket zai kawo duk wata kafin a ce an fita kunya. Kuma agogon yana tafiya ko an sami aiki ko ba a samu ba. Wanda ya ci jarrabawa yana aji biyu a kwalejin fasaha, ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, zai iya shiga neman aiki da takardar da saura mata watanni. Wanda ya yi wata goma sha biyu yana jira, 955,000 ɗinsa a wata 24 za a raba, ta koma kusan 40,000 a wata tun ba a sa sabuntawa ba. Ga ɗalibi, karatun a fara shi yau, amma biyan jarrabawa a bar shi sai an kusa fita kasuwar aiki.

Wannan tsari yana aiki ga sauran satifiket, sai dai kowanne da inda yake ɓoye kuɗinsa. Satifiket ɗin A+ na kamfanin CompTIA jarrabawa biyu ce, sai an ci duka, saboda haka farashin da aka gani na bauca ɗaya a ninka shi, haɗarin faɗuwa ma sau biyu ake fuskantarsa, tafiya ma haka in ba a haɗa su rana ɗaya ba. CompTIA ba ta sa jira tsakanin zama na farko da na biyu, amma kafin na uku sai an yi kwana 14. Ita ma shekara uku take, kuma wanda zai sabunta ta hanyar tara maki yana biyan kuɗin tsarin ban da makin. A cikin satifiket ɗin CompTIA, Security+ maki 50 take nema, Network+ 30, A+ 20. Satifiket na sama yana sabunta na ƙasa a cikin gidan CompTIA, don haka mai riƙe da A+ da ke da niyyar yin Network+ zai iya daidaita lokacinta da shekara ta uku, kuɗin jarrabawa ɗaya ya yi masa aiki biyu.